Ni da shirun rikodin

Jiya na zauna da rikodin sama da ɗari biyu, kowanne da shiru a farko da ƙarshe, na ce wallahi ba zan yanke su da hannu ba. Sai na rubuta ɗan sikirif na Python da pydub, wato laburaren sarrafa sauti, ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana yankewa da detect_leading_silence, na ƙarshen kuma ka juya sautin da reverse() ka sake aunawa, shi ke nan.

Inda na sha wuya shi ne silence_threshold, wato iyakar ƙarfin sautin da duk abin da ke ƙasa da ita ake ɗaukarsa shiru. Na bar shi a -50 yadda ya zo, ashe wasu fayilolin akwai ƙarar fanka a ciki, sikirif ɗin bai ga shiru ba sam, ko sakan ɗaya bai cire ba. Na ɗaga zuwa -30 sai ya fara cinye farkon magana, "sannu" ta koma "annu" saboda s ɗin ba ta da ƙarfi. Daga ƙarshe dai na daina ba shi lamba ɗaya, kowane fayil na auna nasa:

```python
thr = audio.dBFS - 16
```

sannan na bar milisakan 200 kafin magana ta fara. Allah ya so ni a wata folda daban nake ajiye sababbin, da na asalin sun tafi.