Hoton yaron da ya motsa: yadda muke gyara shi a shagonmu

Duk bayan Sallah, aikin da ya fi shigowa shagonmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura shi ne hoton yara da ya fito dishi-dishi. An yi wa yaro ɗinki, an sa masa hula, an ɗauka, sai da aka koma gida aka buɗe aka ga fuskar ta jaye gefe guda. Wasu ana iya ceto su, wasu kuwa ba yadda za a yi da su, kuma tun kafin in karɓi kuɗin mutum nake gaya masa wanne ne nasa.

Kafin in taɓa komai sai na gane abin da ya ɓata hoton, domin cuta uku ce mutane ke kira da suna ɗaya. Idan komai ya jaye, yaro da kujera da labule, duk ta fuska guda, hannun mai ɗauka ne ya girgiza. Idan fuskar ta yi laushi ba tare da ja ba, bangon baya kuma ya fito tangaran, fokos ne ya faɗa wani wuri. Amma in kujera ta fito ras, zanen kafet ya fito ras, yaron kaɗai ne ya shafe, to yaron ne ya motsa ƙofar kamara tana buɗe. Wannan na ukun shi ne yawancin abin da ake kawo mana.

Makon jiya wata Hajiya ta zo da hoton jikarta, 'yar shekara biyu, tana son a yi mata babban firam. Ta fara turo mini ta WhatsApp, na ce, "Hajiya, a yi haƙuri a nemo na asali." WhatsApp yana matse hoto ya zubar da mafi yawan abin da ke cikinsa, kuma da abin da ya zubar ɗin nake aiki. In ta nan za a turo, a zaɓi Document. Da aka kawo katin kamarar na duba bayanan hoton: faɗinsa fiksel 6000, ƙofar kamara ta yi 1/40 na daƙiƙa a buɗe, ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, yana kan 400, cikin falo, babu filashi. Ga ɗan shekara biyu 1/40 lokaci ne mai tsawo. Ya isa ya juya kai ya kalli wanda ya shigo.

Wurin da nake fara dubawa shi ne ƙwayar ido. Akwai ɗan ɗigon haske da taga ko fitila ke bari a cikin ido. In yaro ya tsaya cak, ɗigo ne. In ya motsa, sai ya zama ɗan layi, kuma layin nan ke gaya mini inda kan ya nufa da nisan da ya yi. Na zuƙo hoton a Photoshop zuwa 300%, na ƙirga: tsawon layin kusan fiksel 10, ya ɗan karkata sama ta dama, wajen digiri 20. Wannan ana iya gyarawa. Da ya kai 30 ko 40, har gashin ido ya narke cikin fata, da na ce mata a sake ɗauka kawai.

Na kwafi leyar, wato shimfiɗar hoton, da Ctrl+J don kada in taɓa na asali, na shiga Filter > Sharpen > Smart Sharpen. A wurin Remove na zaɓi Motion Blur, na juya Angle zuwa 20 ya bi layin nan na ido. Daga nan sai haƙuri. Radius ina farawa ne daga ƙasa, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, idona na kan ɗigon, har sai na ga layin ya tattaru ya kusa komawa ɗigo. A wannan hoton ya tsaya wajen 6, Amount kuma 150%. Da na gwada wuce nan, sai farin zobe ya fara fitowa a gefen kumatu, gashin ido ya rabu biyu. Wannan ce alamar an zarce, sai a ja baya. Na ɗaga Reduce Noise zuwa 20%, saboda duk abin da ya kaifafa ido yana fito da tsakin da ke cikin fata.

To amma kujera ba ta motsa ba, rigar ma kusan haka. In aka bar gyaran ya hau hoton gaba ɗaya, wuraren da suke lafiya su ne za su lalace. Sai na rufe leyar duka da baƙin mas, wanda ke ɓoye gyaran, na ɗauki farin buroshi mai laushi na buɗe ido, gira, hanci, leɓe da bakin ɗankwali kawai. Kumatu da goshi ban taɓa ba, babu abin da za a kaifafa a can. Kuma da yake juyawa ta yi, hanci ya fi kunne tafiya, don haka gefen kunnen na yi masa tasa leyar da Radius 3.

Nan ne muke rabuwa da yaran da suka cika gari da kwamfuta ɗaya da firinta. Su tura sharpen har ƙarshe, fata ta tsattsage, sai su bi ta da gogewa har yarinya ta koma kamar 'yartsanar roba, su karɓi rabin kuɗina. Sai mutum ya zo yana ce mini, "Malam, ai can ƙasan layi minti biyar suke yi." Haka ne, minti biyar suke yi. Ni wannan hoton ya cinye mini daga azahar zuwa la'asar, kuma kakarta tana gani ta gane jikarta.

Maigidana da na koyi aiki a wurinsa, Allah ya jiƙansa, zamanin fim ya yi, lokacin da sai an wanke ake sanin abin da aka ɗauka. Bai yarda ya danna wa yaro kamara yana shigowa ba. Sai ya bar shi ya gama kalle-kallensa, ya miƙa masa makullan babur, ya sa ni in tsaya bayan kamara in tafa sau ɗaya. Yaro in ya ji ƙara yakan ɗago ya tsaya na ɗan ƙiftawar ido, a nan yake dannawa. Har yau haka nake yi, sai dai na haɗa da lissafi. A shagona ba na ɗaukar yaro ƙasa da 1/250 sai da filashi. Da mai ɗaukar hoton Hajiya ya sa 1/320, ya ɗaga ISO zuwa 3200, hasken zai fito daidai da na farko, jan fiksel 10 ɗin nan kuma ya koma ɗaya da ɗan kaɗan. Tsakin ISO ana iya rage shi cikin sauƙi. Abin da motsi ya shafe ba ya dawowa duka.

Saura maganar girman firam, a nan muka ɗan ja da Hajiya. Ita inci 20 da 30 take so. Na nuna mata cewa a wannan girman jan asali ya haura milimita ɗaya a kan takarda, ko bayan gyara za a ga saura in an matso. A inci 8 da 12 kuwa wajen rabin milimita ne kawai tun kafin a gyara. Ta ce falonta babba ne. Na buga mata fuskar kaɗai a girma biyun, a kan ƙaramar takarda, ta sa tabarau ta duba, ta zaɓi 12 da 18. Sannan ta nemi ragi, tunda a cewarta hoton ya ƙanƙance.