Kada ka biya kuɗin koyo da wurin sarinka

Ranar Asabar a Kantin Kwari na ga ɗan ƙanwata ya miƙa wa wani babban ɗan kasuwa wayarsa, yana nuna masa hirarsu da mai turo masa shadda, har da farashi. Wai yana neman ubangida. Sai da gabana ya faɗi, domin ni ma haka na taɓa yi.

Lokacin ina sabon buɗe tebur, na samu wani mai kawo atamfa daga Kwatano, zanen da babu irinsa a layinmu. Turmi yana sauka mini a naira 2,000, ina sayarwa 2,600, mata 'yan sari suna rububi. Akwai wani Alhaji da nake zama wurinsa bayan La'asar, ina son ya ɗauke ni da muhimmanci. Ya tambaye ni, "Yaro, ina kake samo wannan?" Na faɗa masa sunan mutumin, da ranar da kaya ke isowa, da yadda muka yi ciniki. Shi mai jari ne, ya sari dila-dila kuɗi hannu, aka rage masa. Kafin Sallah zanen ya cika layi, turmi ya koma 2,150, ni kuma mai kayan ya daina ba ni bashi.

Na daɗe ina cewa zaluntata aka yi. To amma me zan yi? Dattijo ne, sa'an mahaifina, an kuma koya mana ba a yi wa babba rowar magana. Kuma a wurinsa na koyi murza yadi in gane mai sitaci da yawa, wanda zai saki bayan wanki ɗaya. Duk da haka bakina ne ya jawo, ba wanda ya matsa mini.

Ku samarin yanzu ma kun fi ni gaggawa. Komai sai kun ɗora a waya, har da tambarin da ke jikin dila! Kuna son a koya muku kasuwa cikin wata guda, ba ku iya ko share ƙofar kanti ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ga abin da ya rage. Wurin sari, farashin da kaya ya sauka, da lambobin masu sayen kayanka, waɗannan a bakinka za su tsaya. In aka tambaya, ka ce "ana dai bugawa, Alhaji". Ka nemi ubangidan da ba hajarku ɗaya ba, mai leshi in kai atamfa kake yi, ka kuma bincika ko ya taɓa sallamar yaransa da jari. Ka tambaye shi yadda ake ba da bashi da karɓarsa, da lokacin da ake sarin kayan Sallah.

Sai dai wanda ya ƙulle bakinsa gam, shi ma ba a gaya masa komai. Dole ka ba da wani abu: ka kai wa ubangidanka mai saye in ba ka da kayan, ka tsare masa kanti in ya tafi jana'iza. Wani lokacin ma sai ka faɗi wurin sarin, amma na zanen da ka riga ka gama cin kasuwarsa.