Saura Gurbi Nawa, Maigida?

A ƙofar shagona da ke Fagge akwai wani ɗan allo baƙi da nake ratayewa sau ɗaya a shekara, a watan Sha'aban. Ba a rubuta komai a jikinsa sai lamba ɗaya da alli. Da safe in ya ce 41, to gurbi arba'in da ɗaya ne ya rage a rangwamen ɗinkin Sallah. Wani ya kawo shadda kala biyu ya biya kafin alƙalami, sai yaro ya goge ya rubuta 39. Lambar daga littafin awo take fitowa, kuma duk mai shakka ina buɗe masa littafin ya ƙirga da kansa.

Na fara wannan tsari ne saboda na gaji da sunan da teloli suka yi. Kowa ya san zancen: daren Sallah mutum yana zaune a kan benci yana gyangyaɗi, tela yana ta "yanzu-yanzu, saura maɓalli". Ni a hannun wani dattijo na koyi ɗinki, Allah ya jiƙansa, kuma shekara biyu na yi ina guga da dutsen gawayi da sa maɓalli kafin ya yarda na taɓa almakashi. Shi bai san wani abu wai shi talla ba. Amma in azumi ya kai goma yakan ɗaure bakin buhun yadi da igiya ya tura shi ƙarƙashin tebur, kuma daga ranar ko ɗan'uwansa ne ya zo sai ya ce masa, "Ka yi haƙuri, buhu ya ɗauru." Mutane sun san ba ya kwancewa. Shi ya sa tun kafin a ga watan azumi suke tururuwa, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Abin da na ƙara a kan nasa shi ne rangwame. Wanda ya kawo yadinsa da wuri ina rage masa kuɗin ɗinki, don aikin da zan yi masa da rana a Sha'aban ya fi mini sauƙi a kan wanda zan yi da tsakar dare a goman ƙarshe, da janareta a kunne. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, bambancin nan ya zama abin da ake ji a aljihu. Wannan dalilin nake faɗa wa mutane a fili. Rangwamen da ba a san dalilinsa ba, mai hankali yakan yi zaton an ƙara kuɗin ne tun farko aka dawo aka rage.

Ga yadda na fitar da lambar a 2025. Teloli huɗu gare ni, amma ba su ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne mai aikin wuya, don shi kaɗai ne, kuma duk kaftanin da ya fita daga shagona sai ya bi ta hannunsa. In ana son aiki mai tsafta, zare ya kwanta lumui, gaban riga bai tattare ba, hagu da dama sun yi daidai kamar an ninke takarda, to biyar yake gamawa a wuni. Zai iya takwas in an matsa masa, amma na san yadda na takwas ɗin yake fitowa. Daga farkon Fabrairu zuwa shigar azumi, in an cire Juma'o'i da sauran ranakun da ba ma aiki, na ƙirga kwanan aiki ashirin. Biyar sau ashirin, ɗari ke nan. Sai na cire talatin na angwaye da abokan ango, don kowa ya san yadda ake rububin ɗaura aure kafin azumi. Na sake cire goma saboda ranar da wuta za ta ƙi zuwa, ko keke ya lalace, ko a yi kuskuren yanka. Abin da ya rage sittin ne, shi na rubuta a allo.

Sanarwar da na sa a sitatus ɗina na WhatsApp gajera ce. Na ce kaftani da wando mai aikin wuya da muke ɗinkawa 12,000 ya koma 10,000 ga wanda ya kawo yadi ya biya rabi, daga ranar zuwa Alhamis 13 ga Fabrairu da ƙarfe shida na yamma, ko kuma gurbi sittin ya cika, duk wanda ya riga zuwa. Na ce babbar riga ba ta ciki, kuma mai kaya zai karɓi ɗinkinsa kafin a fara azumi. Na rubuta kwanan boko da sunan rana da lokaci da gangan, don in na ce "tsakiyar Sha'aban" kawai, wani da lissafinsa na wata ya bambanta da nawa da kwana ɗaya zai zo mu yi ta musu. Zancen babbar riga kuwa a layin farko na sa shi, ba can ƙasa ba. Ba na son mutum ya ɗauko yadi goma daga Kantin Kwari da murnarsa, sai ya iso in ce masa ai kai ba ka ciki.

Kuma 12,000 ɗin nan kuɗin gaske ne, shi mutane suka biya a Janairu, shi kuma za su biya in wa'adin ya wuce. A nan ne nake jin haushin wasu masu shaguna da suka cika wayoyin mutane. Za ka ga an rubuta 20,000 an ja masa layi, an sa 10,000 a ƙasa, alhali tun da aka buɗe shagon ba wanda ya taɓa biyan ashirin ɗin. Sai kuma "saura kwana biyu!" da jan rubutu. Ka dawo bayan sati uku, har yanzu saura kwana biyu. Wasu ma hoton ɗinkina suke ɗauka, wuyan da yarona ya sha wahala a kansa, su liƙa a tallarsu, mai kaya ya je ya karɓo abin da zarensa ke warwarewa tun wankin farko. Akwai kuma dabarar da ta fi ɓata mini rai: mutum yana tsaye yana shawara, sai mai shago ya ɗauki waya ya yi kamar ana kiransa, "Alhaji, gurbi ɗaya ya rage, ga wani ma a gabana." Malamanmu sun karantar da mu haramcin najashi, wato a sa wanda ba saye zai yi ba ya taya kaya don a ruɗi mai saye na gaskiya. Ni dai ban ga nisan wannan kiran waya da shi ba.

Ba zan ce ban taɓa zamewa ba. Shekarar da na fara, ranar rufewa ta zo gurabe da yawa ba su cika ba, sai na rubuta cewa "saboda roƙon jama'a" an ƙara sati ɗaya. Ba wanda ya roƙe ni. Kwana biyu bayan haka wani malamin makaranta, tsohon mai kawo mini ɗinki, ya shigo ya zauna bai ce komai ba har na gama yankan da ke gabana. Sannan ya ce, "Maigida, ranar Laraba na ranci kuɗi na sayi yadin yarana uku don kar ranarka ta wuce ni. Da na san za ka ƙara, ai da na jira albashi." Bai ɗaga murya ba. Na rage masa wani abu a kan cikon kuɗinsa, ya karɓa, amma na ga idonsa. Shekarar da ta biyo baya, da na sa sanarwa, mutum nawa ne suka ce mini, "Ai za ka ƙara." Sai da na yi shekara biyu ina rufewa a kan lokaci kafin maganar ta mutu.

Tunatarwa sau uku nake yi, ba na wucewa: ranar buɗewa, tsakiya, da jajiberin rufewa, kowanne da lambar da ke allo a lokacin. Ba na bin mutum da kira. In na ga wani yana ta juya yadi a hannu yana lissafi a zuci, nakan ce masa, "Malam, dubu biyu ce tsakani. In sai ka ci bashi, bari sai ka samu, muna karɓar ɗinki a kuɗinsa na kullum har goma ga azumi." Yarana suna ganin wannan wauta ce. Amma wa'adin rangwame daban, wa'adin rufe karɓar ɗinki daban, kuma in na bar mutum ya ɗauka cewa in ya rasa na farko ya rasa kayan Sallah gaba ɗaya, na ruɗe shi ko da ban furta ƙarya ba.

Masu ciniki kuwa ba sa ƙarewa. An rage dubu biyu, sai mutum ya ce tunda kala uku ya kawo a mayar masa takwas-takwas, "albarka" ma ba ta isar da shi. Nakan juya masa cikin rigar da ke rataye ya ga yadda aka kashe bakin ɗinki, ya ja aljihu da ƙarfinsa, ya duba yadda zanen shadda ya haɗu a kafaɗa. Wanda ya san kaya a nan yake yin shiru.

Ranar Alhamis ɗin, da ƙarfe shida ta cika, allo yana nuna 8. Hamsin da biyu aka kawo. Babban yarona ya ce mu rubuta "Ya ƙare" don baɗi mutane su yi sauri. Na ce a'a, rubuta yadda yake: an rufe, gurbi takwas ba su cika ba, mun gode. Waɗannan takwas ɗin ma sun yi mana rana, don a shekarar azumi ashirin da tara aka yi, aka sha ruwa ranar Asabar aka wayi gari da Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris. Aikin angwaye da muka gama da wuri a guraben nan shi ya sa muka shiga azumi ba bashin ɗinkin kowa, kuma kwana ɗayan da ya ragu bai kama mu da kayan mutane a kan keke ba.

Ranar Asabar da ta biyo bayan rufewa, wani Alhaji da mahaifina ma ya sani ya aiko direbansa da Gezna kala huɗu, ya kira ni a waya.

"Ɗana, a sa ni a cikin na rangwamen nan. An ce ma bai cika ba."

"Baba, gaskiya ne bai cika ba, amma ranar ta wuce tun shekaranjiya. Akwai waɗanda suka bar aikinsu suka zo ranar Alhamis don su cim mata. In na buɗe maka, me zan ce musu?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai halin maigidanka ka ɗauko." Na ce masa kuɗin ɗinki yana nan yadda yake, amma zan ɗinka wa jikansa ƙaramar riga da ragowar yadin, wannan tsakanina da shi ne, ba na allo ba. Ya ce a auna da tsohon awonsa, sai dai a ƙara inci ɗaya a ciki. Na buɗe littafi na rubuta, yaro kuma ya sauke allon ya mayar da shi bayan tebur.