Kasafin noman masara ga mai zama a Legas

Ƙannena da ke neman abinci a Agege da Idi-Araba da Mile 12, waɗanda kuke aika kuɗi gida domin a noma muku hekta guda ta masara, akwai tambayar da ya kamata ku amsa kafin ruwan shuka ya sauka: nawa buhu ɗaya zai tsaya muku idan an kai shi kasuwa? A noman da na fara yi daga nan, na gina lissafina a kan farashin da na ga ana sayar da masara a Legas tsakiyar damina, alhali a kasuwar ƙauyenmu za a sayar da tawa, kuma da kaka, lokacin da kowa ya fito da tasa farashi ya faɗi. Farashin Legas ya ƙunshi kuɗin tirela da na lodi da ribar 'yan kasuwa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da zai shiga aljihun manomi.

Alƙaluman da zan kawo na misali ne, sai ku sauya su da farashin garinku. Hekta guda tana cin iri kimanin kilo 20, mu ce naira 40,000 idan ingantacce ne. Taki shi ne ke ɗauke kaso mafi tsoka. Cikakken ma'aunin da malaman gona suka saba bayarwa ya kai buhu 8 na kamfa mai lamba 15:15:15 da kusan buhu 3 na yuriya, kowanne mai kilo 50. Idan kamfa yana naira 45,000, yuriya kuma 35,000, taki kaɗai ya tashi a 465,000. Maganin ciyawa da na tsutsar da ke cin zuciyar masara, wadda ta addabi gonakin ƙasar nan tun 2016, mu ware musu 45,000.

Kuɗin 'yan ƙwadago ne ya fi yaudarar wanda ba ya gida, domin ba a lokaci guda ake biyansa ba. Akwai sharar gona da huɗa da shuka, sannan noman farko da maimai da zuba taki sau biyu, kafin a zo ga girbi da ɓara da casa. A ganina jinga ta fi biyan yini aminci ga mai sa ido daga nesa, saboda an yanke kuɗin aikin tun kafin a fara shi. Mu sa 270,000. Ɗauko taki, kwaso amfani zuwa gida, buhunan zubawa, kuɗin mota zuwa kasuwa da la'adar dillali, mu ce 80,000, kuma kada a raina wannan ɓangaren, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya daina zama ƙaramin abu. Jimilla ta kama 900,000, sai a ɗora kashi 10 cikin ɗari saboda abin da ba a zata ba, ta zama 990,000.

Idan bayan fitar da zakka an samu buhu 33 na sayarwa, kowane buhu ya tsaya a 30,000, kuma in farashin kaka 38,000 ne, ribar ta kai 264,000. Amma idan ruwa ya yi tsaiko aka tashi da buhu 22, kowanne ya tsaya a 45,000, an yi asarar 154,000 ke nan a wannan farashin. Saboda haka ku yi lissafin sau biyu, da shekara mai kyau da maras kyau, kuma ku tambayi wanda ke cin kasuwar garinku nawa aka sayar da buhu a watan Nuwamban bara.

Sai batun lokacin aika kuɗi, wanda shi ne ya fi cutar da ni. Na tura komai a dunƙule tun farkon damina, hidimomin gida suka taɓa shi, da lokacin yuriya ya yi, wato mako huɗu zuwa shida bayan shuka, babu abin saye. Alamar ba ta ɓuya: ganyen ƙasa ya fara zama ruwan ɗorawa daga baki yana bin jijiyar tsakiya, goyon kuma ya fito ƙanana. Ku raba kuɗin gida uku, na shuka da kamfa, na yuriya da maimai, sai na girbi, kowanne ya tafi a kan lokacinsa. Idan abin da ke hannu bai kai na hekta ba, ku noma rabinta da cikakken taki, a shuka wake ko waken suya a ragowar.