Asabar a Bichi: kuɗin sake gina gidan Kawu

Da sassafe na bar Kano na kama hanyar Katsina zuwa Bichi, domin tun ranar Laraba Kawu ya yi waya cewa takardar takaful ta gidansa, wato inshorar Musulunci, za ta ƙare a ƙarshen wata, kuma yana so in duba ta kafin ya sabunta. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a ofishin dillancin inshora, amma ban taɓa buɗe takardun gidan nan ba sai yau. Bayan mun gaisa an kawo koko da ƙosai, ya shiga ɗaki ya ɗauko wata koriyar jakar leda da yake ajiye takardun filaye a ciki, ya zaro yarjejeniyar ya miƙo mini. A shafin farko, inda ake rubuta adadin kuɗin da aka yi wa gini inshora a kai, na ga naira miliyan 40.

Na tambaye shi inda aka samo wannan adadi. Ya ce bara wani dillalin gidaje ya zagaya gidan, ya tabbatar masa cewa idan za a sayar, da wuya a samu mai taya fiye da miliyan 40 a wannan unguwa. "To ɗana," in ji shi, "abin da gida yake yi a kasuwa ai shi ne darajarsa. In na rubuta fiye da haka, ba ƙarya na yi musu ba?"

Na ga cewa gudun ƙarya ne ya sa shi yin haka, shi ya sa na bi maganar a hankali. Na buɗe shafi na huɗu na nuna masa sakin layin da ya ce an ɗauki ginin bisa sharaɗin mayar da shi yadda yake. Ma'anar wannan sharaɗi ita ce idan gobara ta ci gidan, kamfani zai biya kuɗin sake gina shi ko gyara shi ya koma kamar sabo, da irin girmansa da irin kayansa, ba tare da an cire komai ba saboda tsufa ko lalacewar yau da gobe. Tunda alkawarin da aka yi na gini ne, adadin da za a rubuta dole ya fito daga farashin siminti da rodi da kwano da ladan magina a ranar da za a yi aikin. Na ce masa: "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ranar da wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, ba gida za ka je saya a kasuwa ba. Birkila za ka kira, shi kuwa birkila bai san farashin dillali ba."

Farashin kasuwa abubuwa da yawa ne suka haɗu a cikinsa: fili, da unguwa, da kusanci da titi, da yawan masu nema. A garuruwa irin Bichi masu neman babban gida na zamani ba su da yawa, saboda haka gida yakan yi araha a kasuwa, alhali buhun siminti kuɗinsa ɗaya da na Kano, wani lokaci ma ya ɗara saboda kuɗin mota. Kawu ya gina gidan nan a 2016, lokacin da ake sayen buhu a kan naira dubu biyu da wani abu. A farkon 2024, bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, buhun ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Farashin gidansa a bakin dillalai bai bi wannan tashi ba ko kusa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya abokina mai ƙididdigar kayan gini ya iso da tef ɗinsa, kamar yadda muka yi alkawari. Taswirar ginin ta ɓata tun lokacin wani ƙaura, don haka sai da muka auna da hannu, ni ina riƙe da bakin tef a jikin bango, shi yana ja yana rubutawa a ɗan littafinsa. Ya ƙwanƙwasa silin da sanda don ya san irinsa, ya leƙa ta ƙofar rufi ya ga katakon, ya duba kaurin kwano, ya ƙirga banɗakuna, ya tambayi ko wayar wuta a cikin bango take ko a waje. Faɗin ginin gaba ɗaya, da ɓangaren Kawu da na iyali, ya kama murabba'in mita 250.

Muka zauna a zaure a kan tabarma ya yi lissafin a gabanmu. Ya ce ga irin wannan gini, mai tayil da tagogin alminiyam da dogon kwano, bisa ayyukan da ya yi wa farashi a watannin nan, kowane murabba'in mita zai ci kimanin naira 320,000, wato ginin kansa miliyan 80. Katanga da ƙofar get da sokawe da hasumiyar tanki ya sa musu miliyan 8, jimla ta zama 88. Daga nan ya ƙara abubuwa biyu da masu gida kan manta da su. Na farko ladan masu zane da injiniya da mai ƙididdiga, wanda ya sa kashi 10 cikin ɗari, wato miliyan 8.8. Na biyu kuɗin rushe abin da wuta ta bari da kwashe ɓaraguzai da tifa, miliyan 3, domin bangon da ya sha wuta sau da yawa ba a iya ɗora sabon rufi a kansa, sai an sauke shi. Jimla ta tashi miliyan 99.8, muka ce a ɗauke ta miliyan 100.

Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kawo hujjar da na fi jin ta a bakin mutane a ofis. Ya ce gida ba ya ƙonewa ƙurmus sai da wuya, yawanci ɗaki ɗaya ne ko biyu, kuma miliyan 40 ta isa ta gyara wannan har ta yi saura. A nan na fi daɗewa, domin wannan fahimta ce take jefa mutane cikin baƙin ciki ranar biyan diyya. A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin rabon asara, wanda ya ce idan adadin da aka rubuta bai kai cikakken kuɗin sake ginin ba, to mai gida ya zama shi ne ya ɗauki nauyin ragowar da kansa, kuma kowace asara, babba ko ƙarama, za a raba ta tsakaninsa da kamfani bisa wannan gwargwado.

Na ɗauki biro na rubuta masa a bayan ambulan. A ce wuta ta tashi daga kicin a cikin hunturu, ta bi silin ta cinye rufin ɓangaren iyali, gyaran ya kama miliyan 20. Mai tantance asara da kamfani zai turo ba wurin da ya ƙone kaɗai zai auna ba, zai auna gidan duka kamar yadda muka yi yau, ya samu miliyan 100. Tunda an rubuta 40, kashi 40 cikin ɗari na gidan ne ke ƙarƙashin kariya, saboda haka za a biya kashi 40 cikin ɗari na miliyan 20, wato miliyan 8, kuma daga ciki a cire ɗan kason farko da yarjejeniya ta ɗora wa mai gida. Sauran miliyan 12 daga aljihun Kawu za su fito, duk da cewa asarar ba ta wuce rabin adadin da ya rubuta ba. Ya karɓi ambulan ɗin ya sa tabarau, ya bi lissafin da yatsa sau biyu. A ganina babban laifi yana kanmu mu masu sayar da wannan kariya, domin sau da yawa mukan karɓi duk adadin da mutum ya faɗa mu rubuta, ba tare da mun tambaye shi inda ya samo shi ba.

Na kuma gaya masa iyakar sharaɗin, don kada ya ɗauka cewa kuɗi ne za a zuba masa a hannu. Cikakken biya yana samuwa ne idan an yi ginin da gaske, kuma an fara shi ba tare da jan ƙafa ba. Wanda ya fasa ginawa ya ce a ba shi kuɗi, za a koma da shi kan diyya ta asali, a cire kason tsufa daga kwano da waya da fenti. Haka nan ba a gina wa mutum abin da ya fi nasa na da: wanda gidansa na ƙasa ne ba zai samu bene ba, kuma idan yana son ƙari, shi zai cika.

Bayan azahar ya tuno da ɗaya gidan nasa da ke Nasarawa a cikin Kano, wanda ya ba haya, ya ce a can miliyan 300 ya rubuta domin abin da aka taya ke nan. Wannan kuskuren ɗaya ne, sai dai ya juya baya. Tsohon gini ne ƙarami a tsakiyar makeken fili, kuma mafi yawan kuɗin na filin ne. Wuta ba ta cin fili, kamfani kuma ba zai biya fiye da abin da ginin ya ci ba, saboda haka duk gudummawar da yake biya a kan abin da ya haura kuɗin gini tana tafiya ne a banza. Abokina ya ce sai ya auna kafin ya faɗi adadi, muka tsayar da Talata.

Abu na ƙarshe da muka yi muhawara a kai shi ne ƙarin da za a sa saboda tashin farashi. Miliyan 100 farashin yau ne, alhali yarjejeniyar ta shekara guda ce, kuma idan gobara ta faru a wata na goma sha ɗaya, ginin kansa zai iya ɗaukar wata shekarar kafin a gama. Wasu yarjejeniyoyin suna ɗaga ƙafa idan adadin ya kai kashi 85 cikin ɗari na kuɗin sake ginin, amma na karanta ta Kawu daga farko har ƙarshe ban ga wannan rangwame ba. Na ba da shawarar ƙarin kashi 20 cikin ɗari, abokina ya ce 15 ta isa tunda farashin siminti ya ɗan lafa, Kawu ya zaɓi nawa, muka tsaya a miliyan 120. Bisa farashin da ke cikin takardarsa, naira 1,500 a kan kowace miliyan, gudummawarsa ta shekara za ta tashi daga naira 60,000 zuwa 180,000. Ya ce da nauyi, amma yana sa ran abin da zai ragu a gidan Nasarawa zai rufe wannan har ya yi saura.

Na iso gida bayan magariba da hoton shafukan yarjejeniyar a wayata da takardar awon abokina a aljihu. Ranar Litinin zan rubuta wa kamfanin in nemi a gyara adadin tun kafin ranar sabuntawa, in haɗa da rahoton ƙididdigar mai sa hannu da kwanan wata, in kuma nemi a rubuta kuɗin kwashe ɓaraguzai da ladan masana a fili cikin jadawalin, domin a takardar yanzu ba a ambace su ba.