Daren da ƙanwata ta fara amai

Ƙanwata tana da ciwon Addison, jikinta ba ya samar da isasshen sinadarin kotisol, kullum sai ta sha kwayar haidirokotizon a madadinsa. Shekaranjiya a gidanmu da ke unguwar Nima zazzaɓi ya kama ta, sannan amai. Ta sha kwayar ta amayar, ta ƙara sha ta sake amayarwa.

Mai lafiya in ciwo ya kama shi, jikinsa da kansa yake ƙara kotisol don riƙe bugun jini. Nata ba ya iyawa, ga maganin bai zauna a ciki ba, ga ruwa da gishirin jiki suna zubewa. Hannunta ya yi sanyi ƙalau, ta kasa tsayuwa, magana ta fara sarƙe mata.

Mama ta ce mu bari gari ya waye. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, wannan ba ya jira." Hannuna na rawa na haɗa allurar haidirokotizon miligram 100, na soka a gefen cinyarta yadda likita ya koya mini, muka tari tasi.

A asibiti nan take suka ɗaura mata ruwan gishiri ta jijiya, lita ɗaya cikin awa guda, domin allura kaɗai ba ta mayar da ruwan da ya zube. Zazzaɓin cizon sauro ne ya tayar da abin. Alhamdulillahi, yau da safe ta nemi koko da kanta.