Harari, Barazil da Khaulani a finjali ɗaya

Ina da ɗan shagon suyar gahawa a Jidda, kuma tambayar da 'yan'uwa Hausawa suka fi yi mini ita ce me ya sa nake gauraya 'ya'yan gahawa iri daban-daban. Wasu ma sun ɗauka algus ne. Gaskiya akwai batun kuɗi, don Khaulani na tsaunukan Jazan a kudancin Saudiyya yana da tsada, ba kowa zai iya shan sa zalla kullum ba. Amma babban dalili shi ne kowane iri da inda ya gaza. Harari na Habasha yana da ƙamshi mai tashi da ɗan tsami. Na Barazil ƙamshinsa kaɗan ne, sai dai yana da gardi irin na soyayyiyar gyaɗa, yana kuma cika baki. Khaulani shi ke barin ɗan zaƙi a harshe bayan an haɗiye.

Kwanaki wata Hajiya ta zo tana cewa, "Malam, na haɗa kamar yadda ka ce, amma ga ɗaci ga ɗanye-ɗanye." Da na bincika, ashe a kasko ɗaya ta zuba su duka. Ƙwayar Harari ta fi tauri, ta Barazil ta fi saurin kama wuta, kafin ɗaya ta nuna ɗayar ta fara ƙonewa. Na ce ta baza su a faranti. Ga wasu sun yi duhu, ga wasu fari-fari, ido ma ya isa shaida. Kowanne a soya shi daban, a kai su launi kusan ɗaya, a bar su su huta kwana biyu ko uku.

Ni ba na fara haɗi da ƙwaya, da ruwa nake farawa. A niƙa giram 10 na kowanne, a zuba masa tafasasshen ruwa mililita 180 a kofinsa, a jira minti huɗu. Kada a sa hel, kayan ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, tukuna, yana rufe aibi. Sai a ɗebi cokali 5 na Barazil, 3 na Harari, 2 na Khaulani a finjali ɗaya a kurɓa. In tsami ya yi gaba, a rage Harari cokali ɗaya. In ya yi lami, ba ƙamshi, Barazil ne ya yi yawa. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, a kuma rubuta, don harshe yana mantuwa.

Wanda ya yi daidai shi ake mayarwa kan sikeli: in 5, 3, 2 ne, a rabin kilo, giram 250, 150 da 100 na soyayyen. Mai iri biyu ya fara da Barazil 60, Harari 40. Ni dai duk irin da bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba na sa shi, don da wuya a ji shi bayan hel ya shiga.

Hajiya ta tsaya a kan 4, 4, 2, ta ce maigidanta ya fi son ƙamshin Harari.